Daga diyafon malam zuwa gadon marar lafiya: yadda ake gina tsarin kulawa

*Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya nan Maradi. An haska mana diyafo a kan matakai biyar na aikin jinya, na haddace su tsaf. Yanzu an ce kowa ya ƙirƙiro majiyyaci ɗaya ya rubuta masa cikakken tsarin kulawa. Na ja layukan jadawalin, amma na rasa abin da zan zuba a ciki. Ta ina zan fara?*

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ajiye jadawalin nan tukuna, shi ne abu na ƙarshe da za ki cike. Diyafo yana nuna matakan a jere, kowane da akwatinsa: tattara bayani, gano matsalar jinya, tsarawa, aiwatarwa, sannan awon sakamako. Shi ya sa ɗalibai suke cike akwatin farko daga sama har ƙasa, su koma na biyu su yi haka, a ƙarshe sai ki ga abin da ke akwatin hagu bai san na dama ba. Tsarin kulawa a kwance ake rubuta shi. Ki ɗauki matsala ɗaya, ki bi ta tun daga abin da idonki ya gani har zuwa awan da za ki dawo ki duba ko ta warware, sannan ki ɗauki ta biyu. Bari mu yi shi tare a kan majiyyaciya ɗaya.

Ki zaɓi ciwon da kika taɓa gani a sitaj, kada ki ɗauko wanda sai a littafi kika san shi. Ni zan ɗauki zawo a jikin ƙaramin yaro, don babu cibiyar lafiya ta CSI da za ki je a jihar Maradi ba ki tarar da shi ba, kuma yawancin aikinsa a hannun ma'aikaciyar jinya yake. Majiyyaciyarmu yarinya ce ƴar wata 18, daga wani ƙauye wajen Jiratawa, uwarta da kakarta suka kawo ta da ƙarfe 9 na safe cikin watan Agusta. Ba zan raɗa mata suna ba, ke ma ki saba tun yanzu: a takardar makaranta harafi ɗaya ya isa.

Abin da uwa ta faɗa, ki rubuta shi da bakinta. Ta ce: "Yau kwana uku tana zawo, jiya sau shida, ruwa zalla. Ta yi amai sau biyu. Jikinta ya yi zafi da dare. Haƙori ne take fitarwa." Da kika ƙara tambaya sai ta ce babu jini a kashin, kuma bai yi kama da ruwan wankin shinkafa ba. Tambayar nan ta biyu ba ta ado ba ce a yankinmu, duk wanda ya yi aiki wajen Madarunfa a 2018 lokacin kwalara ba ya mantawa da ita. Yarinya tana shan nono, amma an daina ba ta kunu da tuwo tun shekaranjiya, don kaka ta ce abinci yana ƙara zawo. Jiƙo ake ba ta. Rabonta da fitsari tun jiya da magariba.

Sai abin da kika gani, kika taɓa, kika auna. Yarinya tana ta fitina da kuka, ba ta yarda a ajiye ta. Idanunta sun faɗa, kuma da kika tambayi uwar ko haka suke dama, ta ce a'a. Kin miƙa mata ruwa ta wawure kofin. Kin mintsini fatar cikinta, tsakanin cibiya da kwiɓi, ta koma a hankali amma ba ta kai daƙiƙa 2 ba. Nauyinta kilo 9 daidai, alhali katin rigakafinta ya nuna kilo 9 da giram 600 a watan jiya. Zafin jiki 37.4, numfashi 34 a minti, bugun zuciya 140. Awon damtse milimita 132, a kan kore ke nan, kuma kin danna bayan ƙafafunta biyu babu kumburi. Gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba. Fatar da ke kewaye da dubura ta yi ja amma ba ta saluɓe ba.

Kin ga ban zubo lambobi don cike takarda ba. Da yake ke ce kika ƙirƙiro majiyyaciyar, dole bayananki su yarda da junansu. Ɗalibai da yawa sukan rubuta cewa yaro ya galabaita ba ya iya shan komai, sannan a layi na gaba su ce yana shan ruwa da haɗama. Malami mai ido a nan zai kama ki. Giram 600 da ta rasa daga kilo 9 da giram 600 ya kai kusan kashi 6 cikin ɗari na nauyinta, kuma ƙarancin ruwa na matsakaici yana tsakanin kashi 5 zuwa 10 ne. To alamomin da na ba ta sun dace da nauyin da na ba ta. Awon damtse da duba kumburi kuwa su ne suka buɗe mana hanyar da za mu bi. Da damtsen ya gaza milimita 115, ko da ƙafafu biyun sun kumbura, to tamowa mai tsanani ce, duk lissafin da zan yi a ƙasa ya rushe. Irin wannan yaro zuciyarsa ba ta ɗaukar ruwa da sauri, fatarsa ma tana yaudarar mai mintsini, kuma ReSoMal, ruwan gishiri da sukari na masu tamowa, ake ba shi sannu a hankali a CRENI, sashen jinyar tamowa mai tsanani. Ki tabbata kin rubuta waɗannan awo biyu ko da lafiya lau suka nuna, don mai karatu ya san kin duba.

Idan makarantarku da buƙatu 14 na Virginia Henderson take aiki, kamar yawancin makarantun da ke koyarwa da Faransanci, ki bi su ɗaya bayan ɗaya a matsayin rariya. Numfashi lafiya, ki wuce. Ci da sha akwai matsala. Fitar da bahaya da fitsari akwai matsala. Tsabta da lafiyar fata akwai matsala. Neman sani, wanda a wajen ƴar wata 18 uwa da kaka ne suke ɗauke da shi, akwai matsala. Sauran ki ce lafiya suke a jimla ɗaya. Ba a buƙatar matsala 14 don buƙatu 14 ne.

Yanzu mataki na biyu, wanda shi ne ya tsayar da ke ko da ba ki faɗa ba. Ba ke kaɗai ba ce, shi ne ma ya zo daga baya a tarihin abin. Da Helen Yura da Mary Walsh suka rubuta matakan a 1967 huɗu ne. Gano matsalar jinya ya samu gurbinsa ne bayan taron da aka yi a St. Louis a 1973, wanda daga baya ya haifi ƙungiyar NANDA da kike gani a diyafonku. Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ya rubuta sunan cuta. "Zawo mai tsanani" ko "zazzaɓin cizon sauro" ganowar likita ce, tana nan yadda take har a sallami majiyyaci. Taki ganowar ita ce halin da cutar ta jefa wannan yarinya da gidansu, abin da hannunki zai iya sauyawa, kuma yana iya canzawa tsakanin safe da la'asar.

Haruffan nan uku na diyafo, PES, jimla ɗaya ce mai gaɓa uku: matsala, sanadinta, shaidarta. Ga ta farko:

"Ƙarancin ruwa a jiki, sanadin asarar ruwa ta zawo da amai tare da rage mata abin sha, kamar yadda faɗawar idanu, jinkirin komawar fata, shan ruwa da haɗama, fitina, rashin fitsari tun jiya da magariba da raguwar giram 600 suka nuna."

Duba gaɓar tsakiya da kyau, don daga cikinta ayyukanki za su fito. Da na rubuta "sanadin ƙwayar cuta a hanji", da na ɗaure hannuna, tunda ba ni da abin da zan yi wa ƙwayar. Amma asarar ruwa ana mayar da ita, rage abin sha kuma ana gyara shi da magana da cokali. Gaɓa ta uku kuma ita ce za ki dawo ki sake aunawa a mataki na biyar. Duk alamar da kika sa a nan dole ta kasance tana cikin bayanan da kika tattara. Idan babu ita can, ko dai ki koma ki ƙara ta, ko ki cire ta.

Ta biyu: "Haɗarin faɗawa tamowa, saboda an dakatar da abinci kwana biyu ga zawo yana ci gaba." Lura, wannan gaɓa biyu ce kawai. Matsalar da ba ta riga ta auku ba ba ta da shaida, sai abin da ke jawo ta. Duk inda kika ga an rubuta "haɗarin" kaza sannan an bi shi da alamomi, to mai rubutun bai yanke ba ko abin ya faru ko bai faru ba.

Ta uku: "Lalacewar fata a kewayen dubura, sanadin yawan haɗuwa da kashi mai ruwa, kamar yadda jan fatar ya nuna." Ta huɗu ita ce ta uwa da kaka, cewa ba su da bayanin yadda ake shayarwa da ciyarwa lokacin zawo, shaidarta kuwa maganarsu ce ta haƙori da hana abinci. Ni nakan haɗe ta huɗun da ta biyu a wajen aiki, don bakinsu ɗaya. Huɗu sun isa. Tsarin da ke da matsala goma ba wanda zai bi shi a ɗakin da ke da gado ashirin da ma'aikata biyu.

Jerin da na yi ba na ganin dama ba ne. Abin da zai iya kashe ta yau shi ne a sama, sai wanda zai cutar da ita cikin makonni, sai wanda ke hana ta sakewa. Idan malaminku yana son ki ambaci dalar buƙatun ɗan Adam ta Maslow, to ga wurin ambatonta, jimla ɗaya ta wadatar.

Sai tsarawa, kuma a nan zan daɗe, don a nan ake gane wanda ya fahimta. Buri shi ne yadda kike son ki tarar da yarinyar, da ƙarfe nawa. Mai aikatawa a jimlar buri majiyyaci ne, ba ke ba. "Zan ba ta ruwan gishiri da sukari" aiki ne. "Za ta samu sauƙi" fata ne, kowa ma yana yi mata shi. Buri yana da adadi da lokaci, yadda wata ma'aikaciyar da ba ta taɓa ganinki ba za ta iya cewa an cim masa ko ba a cim masa ba.

Ki ɗauko adadin daga ƙa'idar da ke manne a bangon CSI, wadda ta fito daga Hukumar Lafiya ta Duniya. Yaron da ya nuna biyu daga cikin alamomi huɗu, wato fitina, faɗawar idanu, shan ruwa da haɗama da jinkirin komawar fata, yana da ƙarancin ruwa na matsakaici, kuma tsarin B ne nasa: mililita 75 na SRO, wato ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, a kan kowane kilo, cikin awa 4. Yarinyarmu kilo 9 ce, 75 sau 9 ya ba da mililita 675. Idan aka fara ƙarfe 9:30, burin farko zai zama haka:

"Zuwa ƙarfe 1:30 na rana yarinya za ta shanye mililita 675 na SRO, ta yi fitsari aƙalla sau ɗaya, fatar cikinta ta riƙa komawa nan take, ta natsu."

Mililita 675 ba ta da ma'ana a wajen uwar da ke zaune a kan tabarma, kuma ita ce za ta yi shayarwar. Saboda haka ki farfasa shi. Kashi huɗu, kusan mililita 170 ke nan a kowace awa. Ƙaramin cokali yana ɗaukar mililita 5, cokali 34 ke nan a awa, wato cokali ɗaya kafin kowane minti biyu ya cika. Abin da nake yi shi ne in auna 170 da sirinji in zuba a kofi, in ce wa uwar: "Wannan kofin nake son ya ƙare kafin in dawo, cokali-cokali, kada ki kafa mata kai." Kofi huɗu, dawowa huɗu. Wannan ne ya kamata ya bayyana a akwatin ayyukanki, ba "a ƙarfafa shan ruwa" ba.

Na koyi wannan ne da kunya. Ina sabuwar ma'aikaciya a wani asibiti na taɓa rubuta wa mai karɓata da dare "a ba shi ruwa sosai". Da safe na tarar da butar ko rabi ba ta yi ba, yaron kuma an riga an sa masa ƙarin ruwa ta jijiya. Da na yi ƙorafi majo, shugaban ma'aikatan jinya, ya miƙo mini takardata ya ce in nuna masa inda na rubuta nawa ne "sosai". Ban samu ba.

Kowane aiki ki rubuta shi da fi'ili, da yawansa, da lokacinsa, da wanda zai yi, sannan dalilinsa a taƙaice. A dama ƙunshi ɗaya na SRO a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a gaban uwa, don ruwa kaɗan yana sa gishirin ya yi yawa ya cutar da yarinya, ruwa da yawa kuma yana rage amfaninsa. A ci gaba da ba da nono duk lokacin da ta nema. Idan ta yi amai a dakata minti 10, a ci gaba a hankali fiye da da. Idan fatar idanunta ta kumbura a tsayar da SRO a ba ta nono da ruwa zalla, don alamar ruwan ya wuce kima ce. A rubuta kowane zawo, kowane amai, kowane fitsari da lokacinsa. A sake duba idanu, fata, bugun zuciya da natsuwarta duk awa.

Akwai layi ɗaya da ɗalibai suke mantawa, ni kuwa shi nake fara nema idan ina gyaran takarda: yaushe za a bar wannan tsarin? Ki rubuta shi ƙarara. Idan yarinyar ta yi laushi, ta daina kuka ba don ta samu sauƙi ba, ta kasa sha, ko fatar ta kai daƙiƙa 2 ko fiye kafin ta koma, a kira likita ko majo nan take, an koma tsarin C. A shekarunta wannan yana nufin ruwan Ringer ta jijiya, mililita 30 a kowane kilo cikin minti 30, wato 270, sannan 70 a kowane kilo cikin awa biyu da rabi, wato 630. Ki sa alama cewa wannan da maganin zinki ayyuka ne da ke bin umarnin likita ko rubutacciyar ƙa'ida, yayin da shayarwa, sa ido, wanke fata da koyar da uwa naki ne na kanki. A CSI na ƙauye sau da yawa mutum ɗaya ne yake yin duka biyun, amma a takarda ki raba su, malamai suna dubawa.

Layin fata gajere ne. Buri: cikin awa 48 jan ya ragu kuma fatar ba ta saluɓe ba. Aiki: bayan kowane zawo a wanke da ruwa, a tsane da tsumma mai taushi ba tare da gogawa ba, a shafa bazilin, a bar wurin ya sha iska, mai wankin kuma ta wanke hannunta da sabulu.

Layin abinci da koyarwa shi ne mai wuya, duk da cewa babu lissafi a ciki. Burinsa a jikin uwa yake: kafin sallama za ta dama SRO da hannunta daidai, ta faɗi alamomi uku da za su sa ta dawo da gaggawa, yarinya kuma ta ci abinci aƙalla sau ɗaya a gabanmu. Ki lura da fi'ilan, "za ta dama", "za ta faɗi". Kada ki rubuta "za ta fahimta", don fahimta ba a ganinta, kuma uwa a asibiti duk abin da kika ce "to" za ta ce. Sannan ki tambayi kanki wa ke yanke hukunci a gidan. A labarinmu kaka ce ta hana abinci. Idan kika koyar da uwa kika bar kaka a waje, da sun isa gida maganar kaka za a bi. Saboda haka a akwatin aiki ki rubuta cewa za a zauna da su biyun. Kuma ba sai kin ƙaryata maganar haƙori ba. "Inna, ko haƙorin ne, ruwan da ke fita dole a mayar da shi, hanjin ma da abinci yake warkewa" ta fi shiga kunne a kan ki ce mata ba ta san komai ba.

Mataki na huɗu, aiwatarwa, labarin abin da ya faru ne da lokutansa. Tunda majiyyaciyar ta ƙirƙira ce, za ki ji sha'awar ki sa komai ya tafi sumul. Kada ki yi. Tsarin da komai ya tafi daidai a cikinsa ba ya nuna cewa kin iya tunani, yana nuna kin iya kwafi ne. Ga yadda zan rubuta nawa.

Ƙarfe 9:30 an fara. Ƙarfe 10:10 ta yi amai, don uwa ta ga tana wawura sai ta kafa mata kofin. An dakata minti 10, an koma cokali. Ƙarfe 10:30 ta sha 130. Ƙarfe 11:30 jimilla 240, alhali 340 ake nema, kuma ta yi zawo sau biyu. Da aka bincika, kaka ce ta ce a rage, tunda ga shi ruwan yana fitowa ta ƙasa. An zauna da kaka, an nuna mata fatar cikin jikarta da idanunta, an bar ɗaliba ɗaya kusa da su. Ƙarfe 12:30 jimilla 390. Ƙarfe 1:30 jimilla 540.

Yanzu awon sakamako. Ki ɗauko jimlar burin ki bi ta gaɓa-gaɓa, kamar mai duba kayan lefe. Ta sha 675? A'a, 540. Ta yi fitsari? Tukuna. Fata tana komawa nan take? E. Ta natsu? E, tana kwance a jikin uwarta tana kallon mutane, ba laushi ba ne. Amma idanu har yanzu a faɗe suke, kuma tana wawurar kofi. Alamomi biyu ke nan, ƙarancin ruwa na matsakaici yana nan. Hukunci ɗaya ne daga cikin uku, an cim ma buri, an cim ma wani sashensa, ko ba a cim masa ba, kuma namu na tsakiya ne. Sai ki faɗi dalili: amai ɗaya, zawo biyu, da awa guda da aka rage shayarwa. Sai ki faɗi abin da ya sauya: a maimaita tsarin B na wasu awa 4 zuwa ƙarfe 5:30, a fara ba ta kunu mai kauri yanzu tunda awa 4 na farko sun wuce, a ba ta ƙwayar zinki ta farko, miligiram 20 narke a cokalin nono ko ruwa, kaka kuma ita za ta riƙe cokali, uwa ta huta.

Kibiyar nan da ke diyafonku, wadda ta taso daga mataki na biyar ta koma na farko, ga ma'anarta. Abin da kika auna ƙarfe 1:30 shi ne sabon bayanin da kika tattara, daga shi sabon buri ya fito. Ki bar tsohon burin a takarda yadda yake, ki rubuta sabon a ƙarƙashinsa da lokacinsa. Ba a gogewa don a ɓoye cewa na farko bai cika ba.

Zagaye na biyu ki taƙaita. Ƙarfe 3 ta yi fitsari. Ƙarfe 5:30 idanu sun dawo, tana sha ba haɗama, nauyi kilo 9 da giram 500, ta sha rabin kofin kunu. An cim ma buri, matsala ta farko ta rufu, ta koma tsarin A na gida: bayan kowane zawo mililita 50 zuwa 100 na SRO tunda ba ta kai shekara 2 ba, wanda aka dama ya wuce awa 24 a zubar, zinki kullum har kwana 10 zuwa 14 bisa ƙa'idar wurin ko da zawon ya tsaya, nono da abinci kamar kullum, da ƙarin ci ɗaya a rana har mako biyu bayan ta warke. Uwa ta dama ƙunshi ɗaya a gabanki. Da yake ba su da ma'aunin lita a gida, kun auna da ledar ruwan sha biyu masu rabin lita kuka yi wa wata kwalba alama. Ta faɗi jini a kashi, zazzaɓi da ƙin shan nono a matsayin abin da zai dawo da ita. Layin fata kuwa yana nan a buɗe, don awa 48 ba su cika ba, sai ki rubuta "ana ci gaba" da ranar da za a sake dubawa.

To yanzu ɗauko jadawalinki. Layi huɗu ko uku, kowane matsala ɗaya. Idan kin gama cikewa, ki yi masa gwajin da nake yi wa takardun ɗalibaina: ki sa yatsa a kan kowane aiki ki ja shi hagu, ki ga ko ya faɗa a kan sanadin da kika rubuta, ki sa yatsa a kan kowace alama a ganowarki ki ja ta dama, ki ga ko an sake auna ta a akwatin ƙarshe. A namu, "rage mata abin sha" ya haɗu da zaman da aka yi da kaka, "raguwar giram 600" kuma ya haɗu da awon ƙarfe 5:30. Idan kika tarar da aiki kamar "a ba ta maganin sauke zazzaɓi" alhali zafin jikinta 37.4 ne kuma ba ki rubuta zazzaɓi a matsala ba, daga diyafo ya biyo ki, ki cire shi.